Darasi na 9: Takardar Kasafi da Kashewa ta Wata-Wata don Kwamitin Gini

Iyayena da yayyena, wannan darasi na ƙungiyar da ta tara kuɗi ce har ta yanke shawarar yin gini, ko ɗakin ajiyar hatsi ne, ko ɗakin injin niƙa, ko shago. Littafin adashinmu da muka saba da shi yana nuna wadda ta zuba da wadda ta ci bashi, amma ba zai gaya mana ko kuɗin gini zai kai mu rufi ba. Wannan aikin wata takarda ce daban, shafi ɗaya tak a kowane wata, wadda kwamitin gini zai cike ya karanta a gaban taro. A gefe guda tana ɗauke da abin da muka ce za mu kashe, wato kasafi. A ɗaya gefen kuma abin da muka kashe da gaske.

Zan yi bayanin ne da misalin ɗakin ajiyar hatsi mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Farashin da ke ciki na daidaita shi ne don lissafi ya zo da sauƙi. Idan kun zo yin naku, ku tura mutum biyu kasuwa su jiyo farashin ranar.

Kafin a ja layi: raba kasafi wata-wata

Birkila da kafinta sun zauna da kwamiti, an yi lissafi, ginin gaba ɗaya zai ci Naira 1,800,000 cikin wata huɗu. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne a raba huɗu, kowane wata 450,000. Kada a yi haka. Gini ba ya cin kuɗi daidai wa daida kamar cefanen gida. Watan da za a sayi kwano da katako ya fi kowane wata nauyi, watan filasta kuma ya fi sauƙi. Idan aka raba daidai, takarda za ta riƙa nuna matsala a watan da babu matsala, ta kuma yi shiru a watan da ake ɓarna.

Ana raba kasafi ne bisa matakin aiki. A misalinmu, wata na ɗaya na harsashi ne, 420,000. Wata na biyu na ɗora bulo har zuwa linta, 470,000. Wata na uku linta da rufi, 600,000. Wata na huɗu filasta da daɓe da ƙofa da taga, 310,000. Idan kun tara za ku ga 1,800,000 ɗin nan. Sai a ware kashi ɗaya cikin goma a matsayin kuɗin ko-ta-kwana, wato 180,000, a rubuta shi a layinsa shi kaɗai. Kada a watsa shi cikin siminti da bulo, don idan aka watsa shi zai narke ba wanda ya san ranar da ya ƙare.

Da zarar taro ya amince da kasafin, a rubuta shi da biro, kuma ba a goge shi. Na san zuciya tana so, in siminti ya tashi, a koma a gyara tsohon farashi don lissafi ya yi kyau. To idan an gyara, da me za a auna? Tsohon adadi ya zauna a inda yake, canjin kuma a rubuta shi a gurbin dalili.

Yadda ake jan shafin

A sami babban littafi mai bango mai ƙarfi, a buɗe shafi biyu masu kallon juna, a ɗauke su a matsayin shafi ɗaya. A sama a rubuta sunan aiki, da watan, da matakin da aka yi niyyar kaiwa a ƙarshen watan. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali shi ne ma'aunin komai. A rubuta shi ƙarara: "A ɗora bulo 500, bango ya kai linta."

Daga nan sai a ja gurabe daga sama zuwa ƙasa. Na farko sunan kaya ko aiki. Na biyu kasafin wata. Na uku abin da aka biya, wato kuɗin da ya fita daga akwati. Na huɗu bashin da ake bin mu. Na biyar jimilla, wato abin da aka biya a haɗa da bashi. Na shida bambanci tsakanin kasafi da jimilla. Na bakwai, mai faɗi, na dalili ne.

Layukan kaya kada su wuce takwas ko goma. Ƙusa da waya da igiya su shiga layi ɗaya na ƙananan kaya. Amma layin da ake kira "sauransu" ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin duk kuɗin da aka rasa bayaninsa can yake zuwa ya ɓuya. Saboda iyayenmu da ba su yi boko ba, sakatariya ta zana ɗan hoto kusa da kowane suna: buhu a layin siminti, mota a layin dako, cokalin birkila a layin aiki. A gurbin bambanci kuma ba sai an sa alamar ɗebewa ba, tana rikita mutane. A rubuta "ya wuce" da jan biro, ko "saura" da shuɗi.

Wata na biyu, yadda ya kasance

Ranar taro ma'aji ta tashi da fara'a ta ce, "Alhamdu lillahi, an ware mana 470,000, abin da ya fita daga akwati 425,000 ne, mun yi rarar 45,000." Aka yi ta sa albarka. Kuma ba ƙarya ta yi ba, rasit ɗinta duk sun cika. Sai da aka cike gurbin bashi sannan maganar ta sauya. Ga shafin:

| Kaya ko aiki | Kasafi | An biya | Bashi | Jimilla | Bambanci |
|---|---|---|---|---|---|
| Bulo | 500 x 500 = 250,000 | 200,000 | 50,000 | 250,000 | daidai |
| Siminti | 10 x 9,000 = 90,000 | 12 x 10,000 = 120,000 | babu | 120,000 | ya wuce 30,000 |
| Yashi | tifa 1 = 40,000 | 40,000 | babu | 40,000 | daidai |
| Birkila da leburori | 500 x 150 = 75,000 | 45,000 | 15,000 | 60,000 | saura 15,000 |
| Dako | 15,000 | 20,000 | babu | 20,000 | ya wuce 5,000 |
| Jimilla | 470,000 | 425,000 | 65,000 | 490,000 | ya wuce 20,000 |

Mai bulo ya kawo bulo 500 duka, an ba shi 200,000, yana bin 50,000. Ya yi kawaici ne saboda mijin ɗaya daga cikin mambobi abokinsa ne, amma kawaici ba yafewa ba ne. Birkila kuma an yi da shi Naira 150 a kan kowane bulo da ya ɗora, shi zai sallami leburorinsa. Ya ɗora 400, haƙƙinsa 60,000 ke nan, an ba shi 45,000, yana bin 15,000. Waɗannan biyun sun haɗa 65,000. Kuɗi ne da muka riga muka kashe, sai dai bai bar akwati ba tukuna. Idan aka ɗora shi a kan 425,000 ya zama 490,000. Rarar 45,000 da aka yi murna da ita ta koma wucewar 20,000.

Shi ya sa nake nacewa a kan gurbin bashi. Dokarsa ɗaya ce: ranar da kaya suka sauka a filin gini, ko ranar da aka gama wani aiki, ranar kuɗinsa ya hau kanmu, ko an biya ko ba a biya ba. Kafin ranar taro, mambobin kwamiti biyu su je wurin mai bulo da mai siminti da birkila, su tambayi kowa da bakinsa nawa yake bin ƙungiya. Kada a dogara da tunanin mutum ɗaya.

Akwai kuma akasin haka, wato kafin alƙalami. Idan an ba kafinta 50,000 tun bai taɓa katako ba, kuɗin ya fita amma aiki bai shigo ba. A rubuta shi a gurbin an biya, a ja masa layi a ƙasa, a rubuta a gurbin dalili cewa kafin alƙalami ne, za a cire shi daga kuɗin aikinsa. In ba a rubuta ba, ranar sallama ake rigima, shi ya ce na mota ne, ku ku ce na aiki ne.

Saura ba rara ba ne

Ku koma layin birkila. An rubuta saura 15,000 da shuɗin biro, mai kallo zai ɗauka an yi tsimi. Ku ɗaga ido sama zuwa abin da muka rubuta a kan shafi: a ɗora bulo 500. Nawa aka ɗora? 400. Ga bulo 100 can a jibge, kuma sai an biya 15,000 kafin su hau bango. Kuɗin bai rage ba, aikin ne bai ƙare ba.

To ke nan aikin da muka ware wa 470,000 zai tashi a kan 490,000 da ƙarin 15,000, wato 505,000. Ainihin wucewar ita ce 35,000. Wannan adadin shi ya kamata taro ya ji.

Saboda haka a ƙasan shafi ana barin wuri na aikin da aka yi. Ba birkila ne zai faɗa a rubuta ba. Mata biyu su je su ƙirga da idonsu, kuma ba shi da wuya: a ƙirga bulon sahu ɗaya kewaye da ɗaki, a ƙirga sahu nawa aka hau, a ninka, a cire gurbin ƙofa da taga. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a ƙirga bulon da ya rage a ƙasa da wanda ya fashe, a cire daga wanda aka kawo.

Siminti: farashi ne ko yawa?

Nan ne nake so mu daɗe, don siminti ya fi komai jawo zargi a kwamitin gini. Ya wuce da 30,000. Idan aka tsaya a nan, wata za ta ce kasuwa ce, wata ta ce an ci kuɗi, a tashi baram-baram. Dalilin da ya sa muka rubuta yawa da farashi a cikin gurbi, maimakon jimilla kawai, shi ne don mu iya raba wannan 30,000 gida biyu.

Gida na farko farashi. Mun sa buhu a 9,000, aka saya a 10,000, ƙarin 1,000 a kan kowane buhu. Buhu 12 aka saya, ya zama 12,000. Wannan na kasuwa ne, ba laifin kowa, in dai rasit ya nuna haka kuma an tambayi wani shagon an ji farashin ɗaya ne.

Gida na biyu yawa. Mun ce buhu 10, aka sayi 12. Ƙarin buhu 2 a tsohon farashi na 9,000 ya zama 18,000. Ku haɗa 12,000 da 18,000, ga 30,000 ɗinmu ta fito. Kun ga ashe kason da ya fi girma ba na kasuwa ba ne, a filin gininmu ya faru, kuma shi ne muke da ikon gyarawa.

Sai a bi sawun buhunan. Birkila da kansa ya ce tun farko buhu ɗaya zai ɗora bulo 50, da haka aka sami buhu 10 na bulo 500. Tunda 400 ya ɗora, buhu 8 ya kamata a ce an buɗe. An sayi 12, ke nan ya kamata a tarar da 4 a ɗakin ajiya. Da aka je, 2 aka tarar masu kyau. Ina sauran biyun? Ɗaya yana nan a lungu ya daskare ya zama dutse, saboda an ajiye shi a ƙasa kusa da randar ruwan gini, shi kuwa siminti da ya sha danshi ya gama aiki. Ɗayan kuma ya tafi a kwaɓi, domin bulon bai zo kai ɗaya ba, wani ya fi wani tsayi, birkila ya riƙa cika kwaɓi a tsakani don sahu ya miƙe. Ba wanda ya saci komai. Amma da ba a bi sawun ba, da har yau ana kallon mai riƙe da makullin ɗakin ajiya da wani ido.

Abin da kwamiti ya rubuta a gurbin dalili gajere ne: "Farashi ya ƙaru da 1,000. Buhu 1 ya daskare. Buhu 1 ya tafi a kaurin kwaɓi. Buhu 2 suna ajiye." Aka kuma yanke cewa daga yau siminti a kan katako za a jera shi, nesa da bango, a rufe da leda, kuma ba a sayen fiye da na mako biyu. Buhu biyun da suka rage su ne za su ɗora bulo 100 na ƙarshe. Don wannan bin sawu ya yiwu, mai makulli tana buƙatar ɗan littafinta: duk buhun da ya shiga ta ja sanda ɗaya a hagu, duk wanda ya fita ta ja a dama. Kada a ƙone buhunan da aka juye, a tara su a ƙirga.

Dako kuma ya wuce da 5,000 saboda an ɗauko siminti sau biyu maimakon sau ɗaya. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, layi ɗaya ya ishe shi. Ƙa'idar da nake ba ƙungiyoyi ita ce, duk layin da ya wuce ko ya gaza kasafinsa da fiye da kashi ɗaya cikin goma, dole a rubuta masa dalili. Abin da bai kai haka ba a wuce shi, kada a kwana ana musu a kan kuɗin ƙusa.

Ƙasan shafi: akwati da abin da ke gaba

Bayan jimilla, sai a rubuta lissafin akwati a layi huɗu. An shiga watan da 300,000. An sami 200,000 daga gudummawar mambobi da kason riba da taro ya ware wa gini. An fitar da 425,000. Ya kamata a tarar da 75,000. Masu makulli su buɗe akwati a gaban kowa, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi. Idan kuɗin a banki yake ko a waya, a nuna takardar banki ko saƙon da ya nuna abin da ya rage. Kuɗin gini kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da kuɗin bashi na mambobi ko na taimakon gaggawa.

An ƙirga, 75,000 cif. Amma 65,000 a ciki na mai bulo ne da birkila. Namu na gaskiya 10,000 ne, ga kuma 15,000 na ƙarasa bango yana jira. Wato tun ba a taɓa rodin linta ba, akwai giɓin 5,000, ga wata na uku mai cin 600,000 yana tafe. Sanin wannan tun yanzu shi ke ba ƙungiya damar zaɓi: ko a matso da ranar gudummawa, ko a roƙi mai bulo ya ƙara mako biyu, ko a ɗage sayen kwano. Sai dai ɗage rufi yana da iyaka idan damina ta kusa, don bangon da ba rufi da katakon da ke shan ruwa asara ce ta daban.

Layi na ƙarshe na ko-ta-kwana ne. An ware 180,000, kuma wata na ɗaya bai taɓa shi ba. Wannan watan ya ci 35,000. Sannan tashin siminti ba zai tsaya a wannan watan ba: linta da filasta da daɓe suna buƙatar buhu 30 a lissafin birkila, ƙarin 1,000 a kan kowanne ya zama 30,000. A cire shi tun yanzu. Abin da ya rage na ko-ta-kwana 115,000 ne, da sauran wata biyu a gaba. Ku lura, wannan adadi izini ne a takarda, ba kuɗi ne da ke kwance a akwati ba, sai an tara shi kamar sauran. Kuma kwamiti ba ya taɓa shi da kansa sai taro ya amince an rubuta.

Wata tambaya da ake yawan yi mini ita ce ta aikin gayya. Mata sun ɗebo ruwa, matasa sun haƙa harsashi kyauta, wani bawan Allah ya ba da tifar yashi. A rubuta su, amma a bayan shafi, da sunan aikin da ranar, ba a cikin gurbin an biya ba, tunda ba kuɗin da ya fita daga akwati. Idan kyautar ta maye gurbin abin da ke cikin kasafi, kamar yashin nan, layinsa zai nuna saura 40,000, sai a rubuta "kyauta" a gurbin dalili. Wannan kam rara ce ta gaske.

Sakatariya ce ke cike shafin, da rasit ɗin ma'aji da littafin mai makulli a gabanta, kwana biyu kafin taro. Wadda ke riƙe da kuɗi ba ita ke rubuta shafin ba, ko da kuwa ita ta fi kowa iya rubutu. Inda mai kaya ba shi da rasit, kamar mai kura ko mai amalanke, a rubuta a takarda ya dangwala yatsa, mamba ɗaya ta shaida. Bayan an karanta a taro, shugaba da ma'aji da sakatariya su sa hannu.

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya ja shafin wata na uku a takarda. Ku cike layin kwano da wannan bayani: an yi kasafin bandir 2 a kan 90,000 kowanne, bandir ɗaya kuwa falle 20 ne. Da aka je kasuwa an tarar bandir ya koma 100,000. An sayi bandir 2, kafinta ya ce sai an ƙara falle 4, aka ƙaro su a kan 5,000 kowanne. An biya mai kwano 190,000, sauran sai ranar kasuwa. Ku fitar da jimilla, da bashi, da bambanci, sannan ku raba bambancin gida biyu, na farashi da na yawa. Kowane rukuni ya zaɓi mace ɗaya da za ta karanta layin da baki, yadda za ta karanta shi a gaban taro.